Yadda na rubuta wa ma'aikatanmu imel ɗin godiya na ƙarshen shekara ba tare da na ɗora wa kamfani alkawari ba

Imel ɗin godiya na ƙarshen shekara kowa gani yake kaman aikin minti goma ne, ka zauna ka rubuta mun gode Allah ya saka da alheri ka tura shikenan. Amma duk wanda ya taɓa riƙe ƙaramin kamfani ya san ba a godiyar wahalar take ba. Wahalar tana daidai inda godiyar ta ƙare, zuciyarka ta yi laushi saboda ka tuna irin wuyar da mutanen nan suka sha, sai hannunka ya fara rubuta maganar baɗi, za mu yi kaza za mu duba kaza, alhali ba wanda ya zauna ya yanke hakan kuma ba a ware masa ko sisi ba.

Ni manaja ne a wani ƙaramin kamfanin buga takardu da kwalaye, mu goma sha biyar ne har da ni. Ba ni ne mai kamfanin ba, kuma wannan ya shafi komai a maganar da zan yi, dan duk abin da ya taɓa albashi ko bonas ko ɗaukar sabon ma'aikaci sai mai kamfani ya sa hannu. Ni aikina in tafiyar da ofis da wajen injina. To amma su ma'aikata idan saƙo ya fito daga wajena ba sa cewa ai ra'ayin manaja ne, kamfani ne ya yi magana a wajensu, kuma gaskiyarsu ne. Magana ta baki a wajen mitin ana iya mantawa ko a ce ba haka ake nufi ba, shi kuwa imel yana nan da kwanan wata da sunanka a ƙasa, mutum zai iya buɗe shi bayan wata shida ya nuna maka layin da ka rubuta, zai iya ɗaukar hotonsa ya tura wa iyalinsa su ma su fara lissafi a kai.

Dan haka ban fara da buɗe imel ba sam. Takarda na ɗauka na raba ta, gefe ɗaya abubuwan da suka riga suka faru a shekarar, ɗaya gefen abubuwan da aka riga aka yanke game da gaba aka kuma tabbatar, can ƙasa kuma na ja layi na rubuta abubuwan da har yanzu magana ce kawai ake yi a kansu. Ƙa'idar da na sa wa kaina ita ce na farko da na biyu za su iya shiga saƙon, na ƙasan layin nan kuwa ko ƙamshinsu ba zai shiga ba. Da na cika takardar sai na ga gefen abin da aka yanke ɗan ƙarami ne ƙwarai, ranar rufe ofis da ranar buɗewa, sai mitin ɗin da za mu yi gaba ɗaya a makon farko na dawowa. Iyakarsa kenan. Ƙasan layin kuwa ya cika, ga maganar ƙarin albashi da mai kamfani ya ce sai an rufe lissafin shekara zai duba, ga sayen sabon injin yanka da muke ta karɓar farashi daga dillalai, ga ɗaukar mutum na biyu a wajen zane, ga maganar mayar da mutum biyu 'yan kwantiragi su zama na dindindin. Duk abubuwa ne da ni kaina nake so su faru, har nake tura su a wajen oga, kuma shi ya sa suka fi haɗari, abin da kake so shi ya fi saurin kubce maka a rubutu.

Gefen abin da ya faru shi ya fi cin lokaci kuma shi ne ainihin aikin. In ka dogara da ƙwaƙwalwa wata biyun ƙarshe kawai za ka tuna, da kuma mutanen da suka fi surutu ko suka fi shigowa ofishinka. Sai na ɗauko littafin oda na bi shi wata-wata tun daga Janairu, na duba kalandata, na koma cikin tsofaffin saƙonni. A nan na ci karo da abubuwan da suka riga suka sha min kai. Misali a tsakiyar shekara babban injinmu ya tsaya muna tsaka da wata babbar oda ta kwalaye, kayan gyaran ba su iso da wuri ba, masu injin suka raba kansu gida biyu suna aiki da ƙaramin injin dare da rana, shi ƙaramin kuma ba ya ɗaukar faɗin takardar sai an yanka ta biyu tukun, wato kowane aiki ya ninka, amma odar ta fita a ranar da aka ce. Na tuna wadda ke karɓar kwastomomi ita ta riƙa ɗaga waya a kwanakin nan tana shan faɗa tana ba da haƙuri ba tare da ta yi wa kowa ƙarya ba. Na ga akanta ya kwashe lissafinmu daga littattafan takarda ya mayar kan kwamfuta ba tare da albashin ko wata ɗaya ya yi latti ba. Na ga mai kula da sito ya fara ware ragowar takardu gwargwadon girmansu har muka riƙa yin ƙananan ayyuka da su maimakon a zubar. Direba, mai shara, mai gadi, kowa na nemi abu guda na zahiri da zan iya nunawa da yatsa.

Dalilin wannan wahalar shi ne, a ganina, ɗumin saƙo daga nan yake fitowa. Idan ka ce na gode da jajircewarku da sadaukarwarku, ba wanda zai ji komai, dan layin zai dace da kowane kamfani a kowace shekara. Idan ka ce na tuna daren da kuka yi ta yanka takarda biyu saboda ƙaramin injin, mutumin da ya tsaya a kan ƙafarsa a daren nan zai san an gan shi. Kuma na lura idan godiyar ta cika da abubuwa na gaske irin haka, buƙatar yin alkawari tana raguwa da kanta. Yawanci manaja yana jefa alkawari ne saboda ya ji saƙon ya yi fayau, yana neman abin da zai ba shi nauyi.

Sai maganar sunaye, na daɗe ina juya ta. A kamfanin mutum ɗari ba wanda zai yi tsammanin ganin sunansa, amma a wajen mutum goma sha huɗu idan ka ambaci shida, sauran takwas za su ƙirga, kuma za su ƙirga daidai. Ko dai ka ambaci kowa ko kada ka ambaci kowa. Ambaton kowa da sunansa zai mai da saƙon jerin gwano, kuma dole wani ya samu layi uku wani ya samu rabin layi, wannan ma wani ciwon ne. Akwai kuma wani abu da ba a cika lura da shi ba, yabon mutum ɗaya da sunansa a gaban kowa a ƙarshen shekara ana karanta shi a matsayin alamar ƙarin girma na tafe, shi ma ya fara sa rai, sauran ma su fara kallonsa haka, ka ga alkawari ya shigo ta taga ba ka ce komai ba. Sai na yanke zan ambaci ɓangarori da ayyukan da suka yi, masu injin, wajen zane, sito, lissafi, karɓar kwastoma, da masu kula da wajen, yadda kowa zai ga kansa a ciki. Godiya ta mutum da mutum kuma na bar ta daban, layi biyu ko uku ga kowa shi kaɗai, wasu ma da baki na faɗa musu.

Da na zo sakin layi na ƙarshe, na maganar gaba, sai na bar hannuna ya rubuta duk abin da ya zo masa tukun, sannan na dawo na bi su ɗaya bayan ɗaya da tambaya uku: wa ya yanke wannan, yaushe zai faru, daga wane kuɗi. Duk jimlar da ba ta da amsar ukun nan fita take yi. Ta farko da ta faɗi ita ce "za mu duba maganar albashi a sabuwar shekara". A kunnena wannan ba alkawari ba ne, ai dubawa kawai na ce. Amma sai na karanta ta da idon ɗaya daga cikin masu injin da na san nauyi ya yi masa yawa a gida, shi abin da zai ji shi ne ƙari na zuwa a Janairu, in ya yi nisa Fabrairu. In aka duba ɗin aka ga ba hali, a takarda ban yi ƙarya ba, amma a zuciyarsa na yi, kuma da zuciyar tasa zan ci gaba da aiki. Ko ka sa in sha Allah a gaba ba ya canza yadda za a ji ta, mutane za su ɗauka an gama magana lokaci kawai ake jira.

Ta biyu ta fi wuyar cirewa dan da gaske nake jin ta: "ƙoƙarinku ba zai tafi a banza ba". Jimla ce mai daɗi, amma tsaya ka tambayi kanka me take nufi in ba lada ba, kuma lada a wajen aiki kuɗi ne ko matsayi. Na cire. Akwai "irin wahalar da muka sha da injin nan ba za ta sake faruwa ba", wannan kai tsaye alkawarin sabon injin ne wanda ba a saya ba, kuma ko an saya wa ya isa ya ce inji ba zai lalace ba. Akwai "muna fatan ci gaba da tafiya da kowannenku shekaru masu yawa", wadda ga yawancinmu gaisuwa ce kawai, amma ga mutum biyun nan da kwantiraginsu zai ƙare a watan Maris magana ce babba, za su iya fasa neman wani aikin saboda ita. Wannan ce ta fi tsorata ni a cikinsu duka, dan cutarwarta ta zahiri ce, mutum ya saki wata dama saboda layin da ka rubuta dan saƙo ya yi daɗi. Na kuma guje wa cewa mu iyali ɗaya ne. Muna da kirki da juna, muna zuwa wa juna gaisuwa in abu ya samu, amma kamfani yana iya sallamar mutum in ciniki ya tsaya, kuma ranar da hakan ta faru wannan kalmar ce za ta fi yi masa zafi.

Wani wajen da alkawari ke ɓuya shi ne yadda ka siffanta shekarar kanta. In ka rubuta cewa bana mun samu gagarumar nasara ciniki ya bunƙasa, ka riga ka sa kowa ya fara lissafin bonas, dan tambayar da za ta biyo baya a ran kowa ita ce to ina rabonmu. In kuma ka karkata ɗaya gefen ka ce shekara ce mai tsanani muna ta fama, mutane za su tafi hutu da fargabar za a rage ma'aikata. Ni kuma a lokacin ba a ma rufe lissafi ba, oda ta yi yawa gaskiya amma gyaran inji da obataim sun ci kuɗi, ban san inda ribar za ta tsaya ba. Sai na bar maganar kuɗi gaba ɗaya, na tsaya kan aiki, abin da kowa ya gani da idonsa: an sha wuya a tsakiyar shekara, ba mu saɓa wa kwastoman nan rana ba, kuma ya dawo da wata odar.

Kafin in tura na kai wa mai kamfani ya gani. Ba dan ya gyara min Hausa ko salo ba, tambaya ɗaya na yi masa, nace ranka ya daɗe duba min ko akwai layin da in ma'aikaci ya kawo maka shi a watan Afrilu yace ga abin da aka ce mana, za ka ji nauyi. Ya karanta a wayarsa, ya tsaya a wajen mitin ɗin Janairu, yace me za a tattauna a wajen. Nace tsarin aiki ne da yadda za mu raba oda. Yace to rubuta haka ƙarara, dan in ka ce kawai za mu zauna mu tattauna abubuwan da ke gabanmu, rabinsu da maganar albashi za su shigo ɗakin. Gaskiya ya faɗa, na ƙara kalmomin. Shi kuma a nasa ɓangaren ya so in ƙara cewa akwai albishir na nan tafe, yana nufin injin yankan. Nace oga an biya kuɗinsa ne, yace tukuna, nace to mu bari ranar da aka sauke shi a ƙofa sai mu yi albishir ɗin, kuma kalmar albishir ba wanda zai fassara ta da inji, kowa aljihunsa zai duba. Ya yi dariya yace bar shi. Akanta ma na nuna masa dan ya tabbatar min da ranakun hutu da kuma cewa ba abin da ya ci karo da ranar biyan albashi.

Ga yadda saƙon ya fita a ƙarshe. A wajen Subject na sa "Godiya ta ƙarshen shekara da ranakun hutu", dan mutum ya san me ke ciki tun kafin ya buɗe, saƙo daga manaja a ƙarshen shekara mai kan magana a dunƙule yana sa gaban mutane faɗuwa.

"Abokan aiki, barkanmu da war haka.

Kafin mu rufe shekara ina so in yi muku godiya, kuma ina so in faɗi abin da nake godiya a kai.

Lokacin da babban injinmu ya tsaya muna tsaka da odar kwalaye, masu injin sun raba dare da rana suna aiki da ƙaramin, suna yanka kowace takarda biyu, har odar ta fita a ranar da muka ce. Wajen zane sun sake tsara aikin gaba ɗaya dan ya shiga ƙaramin injin. Wajen karɓar kwastoma an riƙe waya da haƙuri da gaskiya a kwanakin da ba su da daɗi. Kwastoman ya dawo mana da wani aikin, kuma ku ne dalili.

Akwai ayyukan da ba a cika ganinsu ba. Lissafinmu ya koma kan kwamfuta ba tare da albashi ya yi latti ba. Sito ya fara ware ragowar takardu muna amfani da su. Kaya sun isa hannun masu su lafiya, kullum muna tarar da wajen aiki a share, muna kuma tafiya gida hankali kwance saboda akwai mai tsaron wajen. Waɗanda suka shigo cikinmu a bana, mun ji daɗin zuwanku kuma mun ga hannunku a aikin.

Na ga duk wannan, mai kamfani ma ya gani, kuma ya ce in isar da godiyarsa.

Za a rufe ofis daga 27 ga Disamba, mu dawo aiki 3 ga Janairu. A makon da muka dawo za mu zauna gaba ɗaya kan tsarin aiki da yadda za mu riƙa raba oda, duk mai shawara a kan wannan ya zo da ita.

Ku huta sosai, ku gaida mutanen gida. Na gode."

Sai sunana da muƙamina a ƙasa. Za ku ga gajere ne, da gangan na yi haka, yawancin mutanenmu a waya za su karanta, wasu a tsaye a bakin inji, in ya wuce abin da za a gama a minti ɗaya ko biyu tsallake shi za a yi ana neman inda aka ambaci kuɗi. Za ku kuma ga "za" a kan abu biyu kawai ta fito a maganar kamfani, rufe ofis da mitin, kuma duk biyun suna da lokacinsu da wanda ya yanke. Wannan ita ce dubawar ƙarshe da na yi, na bi saƙon ina neman duk inda "za mu" ko "za a" ko "nan gaba" ko "ba da daɗewa ba" ta fito. Layin da ke cewa mai kamfani ya ce in isar da godiyarsa ma sai da na tambaye shi ya amince, dan sa wa mutum magana a baki shi ma wani nau'in alkawari ne.

Maganar sautin saƙon, na yi ƙoƙarin in rubuta yadda nake musu magana ranar da nake cikin natsuwa, ba yadda ake rubuta takardar gargaɗi ba, ba kuma yadda muke raha a lokacin hutun rana ba. Na yi amfani da "ni" a wajen godiya, dan "hukumar gudanarwa na miƙa godiyarta" a kamfanin da kowa ya san hukumar mutum biyu ce abin ba ya shiga. Ban sa barkwanci ba, abin da ya ba mutum biyar dariya zai iya zama habaici a kunnen na shida. Ban kuma cusa gyara a ciki ba, irin mun gode amma a kula da zuwa a kan lokaci. Akwai masu latti, eh, amma wannan maganar wata rana ce kuma da su kaɗai za a yi ta, in ka haɗa ta da godiya to gyaran kawai za a tuna.

Turawar ma na ɗan yi tunani a kai. Na sa kowa a To, ban ɓoye su a Bcc ba, dan ina so kowa ya ga saƙo ɗaya ne aka tura wa duka, ba wanda aka yi wa nasa na musamman, kuma adireshin duk na ofis ne ba sirrin kowa a ciki. Mai kamfani na sa shi a Cc. Na bi jerin sunayen da ke takardar albashi ina gwadawa da na imel ɗin ɗaya bayan ɗaya, dan rukunin adireshin da muka saba amfani da shi tsoho ne, akwai wanda ya bar aiki yana ciki, sabbin da suka zo kuma babu ɗaya. Manta mutum a saƙon godiya ya fi rashin tura saƙon muni. Mutum uku ba su da imel na ofis, direba da mai shara da mai gadi, su na buga musu a takarda na sa hannu na miƙa musu da kaina a ranar, ba washegari ba, kada su ji labari a bakin wasu. Da daddare na gama rubutun amma ban tura a lokacin ba, na yi amfani da Schedule send na sa shi ya fita da safe, ana saura 'yan kwanaki a rufe, lokacin kowa na nan kuma ni ma ina nan in wani na da tambaya. In ka tura a awar ƙarshe ta ranar ƙarshe, duk wanda ya fahimci wani abu ba daidai ba da shi zai yi hutun gaba ɗaya.

Amsoshi sun zo, yawanci gajeru, mun gode oga, Allah ya bar zumunci. Ɗaya daga cikin masu injin bai rubuta komai ba, da na shiga wajensu ya ɗago kai daga kan aikin yace ashe kun tuna da yankan takardar nan, nace ya za a manta, ya gyaɗa kai ya ci gaba da abin da yake yi.

Tambayar da na san za ta zo kuwa ta zo. Ɗaya daga cikin 'yan kwantiragin ta same ni a ofis bayan an tashi, tace oga na ga saƙo na gode, amma ban ga an ce komai kan maganarmu ba, ko shirun yana nufin wani abu ne. A nan ne duk abin da ka kiyaye a rubuce zai iya zubewa ta baki, dan mutum na zaune a gabanka kana ganin damuwa a fuskarta, kalmar kada ki damu tana kan harshenka. Nace mata shirun ba ya nufin eh ba ya nufin a'a, ba a yanke ba ne, kuma ba ni ke yankewa ba. Na gaya mata abin da na sani, cewa mai kamfani sai an rufe lissafi zai duba, ni kuma na riga na ba da shaidar aikinta yadda na gan shi. Tace to in ci gaba da neman wani wajen ne. Nace in ni ne ke ba zan daina dubawa ba har sai na ga takarda a hannuna, kuma in wani waje ya nemi shaida a kanki zan bayar da gaskiya. Abu ɗaya na ɗauka mata wanda yake hannuna, cewa ranar da na ji hukunci, ko wane iri ne, a ranar za ta ji daga bakina, ba za ta tsinta a wajen wasu ba. Da ta fita na rubuta wa mai kamfani cewa mutum biyun nan suna buƙatar amsa tun kafin ƙarshen Janairu dan su san inda suka dosa, na kuma sa a kalandata in sake tuna masa a makon da muka dawo.